Sallamar Matafiyi: Abin da Ake Faɗa, da Wanda Ya Cancanci Faɗarsa

A gidan Bahaushe, mai shirin doguwar tafiya ba ya wayar gari kawai ya saɓi jaka ya fice. In ya yi haka, ko da ya je lafiya ya dawo da riba, akwai ƙorafin da zai tarar yana jiransa a bakin gwaggo ko kawu: "Ashe tafiya ka yi, ko sallama babu?" Ba a ɗaukar wannan ƙorafi da wasa, domin ana iya shekara ana tuna wa mutum shi. Wanda aka tsallake yana ganin an hana shi abu biyu ne: an hana shi ya sa albarka, an kuma nuna masa cewa bakinsa ba ya cikin waɗanda ake buƙata.

Mutane da yawa sun ɗauka sallamar matafiyi ba ta wuce "Allah ya kiyaye hanya" da ake faɗa a ƙofar gida ba. A zahiri aiki ne mai tsawo, wanda yake farawa kwanaki kafin tafiya, kuma ba ya ƙarewa sai labarin sauka ya iso gida. Kowane ɗan uwa yana da nasa kason a ciki, kuma abin da uwa za ta faɗa ba shi ne na ƙane ko na matar aure ba. Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan ita ce mu bi matafiyi guda tun daga ɗakinsa har masaukinsa.

A ce saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai a cikin birnin Kano, kawunsa mai sayar da kayan gwari a Agege ya kira shi ya je ya kama masa kasuwa. Bai taɓa wuce Kaduna ba. Tsakanin Kano da Legas akwai kusan kilomita 1,000, kuma babbar motar da zai hau a Sabon Gari za ta tashi da yamma, ta kwana tana tafiya, ba za ta shiga Legas ba sai washegari, wani lokaci ma sai rana ta yi nisa in an gamu da cunkoso ko lalacewar hanya.

Sallamarsa za ta fara ne da zagayen dangi, kwana biyu ko uku kafin ranar. Akwai tsari a nan wanda ba a rubuta ba amma kowa ya san shi: ana fara wa da manya na ɓangaren uba, sannan na ɓangaren uwa, sannan malaminsa na allo ko na zaure in yana raye, sannan maƙwabta na jiki. Zai durƙusa, a gaisa, sannan ya ce, "Baffa, dama na zo in yi muku sallama ne, jibi in Allah ya kai mu zan wuce Ikko wajen Kawu." Ba ya cewa "zan tafi" ya yi shiru, dole ya rataya maganar a wuyan ikon Allah, ko da "in Allah ya yarda" ko da "in muna da rai". Baffan zai yi 'yan tambayoyi, wace mota, wa zai tare shi, sannan ya ɗora da addu'a: "To, Allah ya tsare. Allah ya sa tafiyar ta zama sanadin alheri. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da mugun ji da mugun gani." Aikin yaron a nan shi ne "amin" kawai, kansa a sunkuye. Ba ya mayar wa babba da "Allah ya yi maka albarka", domin albarka daga sama take gangarowa. Abin da ya dace da bakinsa shi ne "Allah ya ƙara girma, Allah ya sa in dawo in same ku lafiya."

A wannan zagaye ne guzuri yake taruwa. Wani ya miƙa masa 'yan kuɗi ya ce a sha ruwa a hanya, gwaggo ta ƙulla masa dambun nama ko ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa, wata ta ba shi ƙullin kuka da daddawa ta ce a kai wa matar kawun. Ƙin karɓar irin wannan kyauta rashin ladabi ne ko da mai bayarwar ta fi shi buƙata. A gidan kakarsa kuwa sallamar takan juye ta zama wasa. Tsohuwa za ta ce, "Wato tafiya za ka yi ka bar ni, mijin banza? To kada ka kuskura ka dawo mini da kishiya." Shi kuma ya ce ai tsarabar da zai kawo mata ke nan. Sai an gama dariya, ya miƙe zai fita, sannan muryarta ta sauya ta bi shi da addu'ar gaske.

Wurin uwa ya sha bamban da ko'ina. Yawanci da dare ake yi, a ɗakinta, ba a gaban jama'a ba. In ɗan fari ne ba za ta ambaci sunansa ba, kuma ba za ta nuna damuwa a fili ba, saboda alkunya. Maganarta gajeriya ce, nasiha ta fi yawa a cikinta: ka riƙe salla, ka riƙe gaskiya, ka ji maganar kawunka, kada ka ci haƙƙin kowa. A nan ne yaro yake cewa, "Inna, ki yafe mini." Ita kuma ta ce, "Ba ka yi mini komai ba. Na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka." Duk wanda ya taɓa barin gida ya san cewa wannan jimla ita ce guzurin da ya fi na kowa nauyi. Akwai hadisi sananne, a wajen Abu Dawuda da Tirmizi, da ya lissafa addu'o'i uku da ba a shakkar karɓarsu: ta wanda aka zalunta, ta matafiyi, da ta mahaifi a kan ɗansa. Wato a daren nan biyu daga cikin ukun sun haɗu a ɗaki ɗaya. Shi ya sa za ka ji uwa, bayan ta gama yi wa ɗanta addu'a, ta ce, "Mu ma ka sa mu a taka in kun hau hanya."

Neman gafarar nan yakan ba wasu matasa mamaki, har su ce ai sai ka ce wanda zai mutu. Amsar ita ce e, da wannan tunanin aka gina al'adar, kuma kakanninmu suna da hujja. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro, har kasuwar Salaga da ke arewacin Ghana ta yau, suna barin gida ne wata da watanni, su ratsa ƙasashen da ake tare ayari a karɓi fito ko a far masa. Madugu yana gaba da alhakin mutane da jakuna, babu waya, babu wasiƙa, labarin mutum sai in wani ayari ya dawo da shi. Masu zuwa Makka a ƙasa sun fi haka daɗewa. Sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur, su tsaya su yi noma ko ƙodago su tara na gaba, har su kai gaɓar Bahar Maliya, kuma tafiyar takan cinye shekaru. Da yawa ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a zuwa gabas, suka zauna a Sudan a garin da har yau ake kira da sunansa. Mutanen da suka yi sallama da irin waɗannan matafiya sun san watakila ganin ƙarshe ke nan, don haka suka saba a warware komai kafin a rabu: bashi, ajiya, saɓani, har wasiyya.

Mota da jirgi sun rage kwanakin, amma ni a ganina babu abin da ya tsufa a wannan ɗabi'a. Saurayin namu, in yana da hankali, zai gaya wa yayansa cewa mai shagon bakin layi yana bin sa kuɗi kaza, wane kuma yana riƙe masa da keken ɗinki. Ba fatan tsiya ba ne. Gidaje nawa ne suka shiga rigima bayan haɗarin mota saboda mamaci bai faɗa wa kowa abin da ke kansa da abin da yake bi ba?

Ranar tafiya, da safe, uwa takan sa a sayo ƙosai ko waina a raba wa almajirai, ko a kai wa wata tsohuwa a unguwa kwanon hatsi, da niyyar Allah ya kau da abin ƙi. Wasu gidajen sukan je wajen malami a duba ranar sa'a ko a karɓo rubutu, wasu kuma suna ganin hakan ba shi da tushe, sun tsaya a kan abin da ya zo a hadisi, kamar son da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa fita tafiya ranar Alhamis. Mai tikitin mota dai ba ya zaɓen rana sosai. Ranar da kawu ya ce a taho ita ce ranar.

A zaure uba yake tsayawa. Shi ne yake kama hannun ɗan, in mai ilimi ne ya karanta masa addu'ar bankwana da Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito, wadda a cikinta mai zama yake damƙa wa Allah ajiyar abu uku na matafiyi: addininsa, amanarsa, da ƙarshen ayyukansa. Abin lura shi ne babu maganar taya ko birki a ciki. Tsoron da addu'ar take nunawa shi ne kada mutum ya je inda ba a san shi ba ya saki salla, ko ya ci amanar da aka ba shi, ko ajali ya same shi a kan aikin da ba shi da kyau. Uban da ɗansa zai shiga Legas, ya riƙa karɓar cinikin wani, ya san wanne ne ya fi kusa cikin haɗurran nan. Shi ma matafiyin yana da tasa amsar, inda yake barin mutanen gida a hannun Allah wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Duka biyun suna cikin ɗan littafin addu'o'in nan Hisnul Muslim, wanda aka fassara da Hausa kuma ake sayarwa a kusan kowace tasha. A gidajen Hausawa Kirista kuwa, iyali sukan taru a yi addu'a tare kafin a fita, a karanta Zabura ta 121, sannan a rabu da kalmomin da maƙwabtansu Musulmi suke faɗa: Allah ya kiyaye, Allah ya kai lafiya.

Daga nan sai rakiya, kuma ita ma tana da iyaka gwargwadon matsayi. Uwa ba ta wuce tsakar gida ko ƙofar soro. Uba ba ya wuce ƙofar gida. Matar aure, in mijinta ne mai tafiya, tun a ɗaki ta gama tata sallamar, domin ba za ta tsaya gaban surukai tana jan magana ba, iyakarta ta miƙa wa yaro jaka ta ce, "Allah ya tsare, a dawo lafiya." Ƙanne da abokai su ne masu ɗaukar kaya har tasha. Babba ya raka ƙarami har mota abu ne da ba a saba ba, sai in yarinya ce ko mara lafiya.

A tasha ne addu'a take haɗuwa da dabara, kuma nan ne nake ganin ake gane mai rakiyar da ya san aikinsa. Wanda bai sani ba zai tsaya yana ta "Allah ya kiyaye" har mota ta ɓace, ya koma gida bai san ko wace mota ce ba. Wanda ya sani zai karanta lambar motar ya rubuta, ya karɓi lambar wayar direba ko ta yaron mota, ya tsaya ya ga ƙanen nasa ya cike takardar fasinjoji da sunansa na gaskiya da lambar wani na gida da ake samu a kowane lokaci. Mutane suna raina takardar nan, wasu su rubuta sunan ƙarya ko lambar da ta daina aiki, alhali in wani abu ya faru da ita jami'an kiyaye haɗurra da asibiti suke neman dangi. Zai kuma tambayi direba ta ina za a bi. Daga Kaduna hanyar Legas ta rabu biyu: ko a bi ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, a haye gadar Jabba a faɗa Ilori, ko a bi ta Abuja, Lakwaja da Okene. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin Birnin Gwari sun sa direbobi da yawa sun koma bin ta biyun duk da ta fi tsawo. Sanin wannan ne zai sa na gida su gane inda ya kamata mota ta kai da tsakar dare, da inda waya takan ɗauke ba don wani abu ya faru ba.

Har direban ma yana da nasa kason. Yayan zai matsa kusa da taga ya ce, "Direba, ga amana nan, a bi a hankali. Allah ya tsare." Shi kuma ya ce, "Da yardar Allah." Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce motar haya ta fasinja kada ta wuce gudun kilomita 90 a awa a kan babbar hanya mai tagwaye, kuma lambar kiran gaggawa ta hukumar ita ce 122. Fasinjan da aka yi wa addu'a a gida, ya ga direba yana gyangyaɗi ko yana tsere da wata mota ya yi gum don kada a ce ya cika tsoro, bai taimaki addu'ar ba. Cikin nasihar da ya kamata a haɗa wa matafiyi har da wannan: in ka ga ganganci, ka yi magana.

Da mota ta motsa, sai ka ji motar ta ɗauki ƙus-ƙus. Masu karatu suna karanta addu'ar hawa abin hawa, wadda tushenta yake aya ta 13 da ta 14 a Suratuz Zukhruf, inda ake tsarkake Allah da ya hore wa mutum abin da ba zai iya sarrafawa da ƙarfinsa ba, a kuma tuna cewa gare shi za a koma. Wani dattijo yakan ɗaga murya ya ce a yi salati, a shafa fatiha. Na ƙasa su ɗaga hannu: "A sauka lafiya! A gaida su Kawu!" Na ciki ya ce, "Za su ji."

Akwai sauyi guda da zamani ya kawo wanda ya ci karo da tsohuwar al'ada. Da, yawan masu sanin tafiyarka shi ne yawan masu yi maka addu'a. Yanzu, tun da satar mutane ta yawaita a hanyoyi irin na Abuja zuwa Kaduna, har ta kai ga harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris, 2022, mutane sun koyi ɓoye rana da lokaci. Ɗan kasuwa yakan yi sallama da dangi ya ce "cikin satin nan", amma ainihin ranar iyayensa da matarsa kaɗai suka sani. Ban ga laifin wannan ba, kuma dangin da aka ɓoye wa rana bai kamata su yi fushi ba muddin an je an gaishe su. Abin da ba na so shi ne kishiyarsa: ƙanwa ta ɗora hoton yayanta a waya, da jakarsa da motar da ya shiga, ta rubuta "Allah ya kai ka Legas lafiya" don duniya ta gani. Niyyarta mai kyau ce, amma ta sanar da wanda ba ta sani ba cewa wane yana kan hanya kaza a daren nan, gidansa kuma babu namiji. In ana son a sa hoto, a bari sai ya sauka.

Sallamar mai hawa jirgin sama ta ɗan bambanta, kuma babu inda ake ganinta da cikarta kamar tafiyar Hajji. A ce mahaifiyar saurayin nan ce Allah ya kira ta bana. Yanzu ita ce za ta zagaya dangi, ko su su yi ta zuwa gida, kuma neman gafarar ya fi na kowace tafiya zurfi: har kishiyar da suka yi shekaru ba sa ga-maciji sai an je an ce a yafi juna. Addu'ar ma ta sauya. Ana cewa, "Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Allah ya ba da ikon yin ibada. Allah ya kai ku lafiya ya dawo mana da ku lafiya." Sannan masu zama su ne suke komawa masu roƙo: wannan ta ce a roƙa mata haihuwa a gaban Ka'aba, wancan ya ce a isar masa da gaisuwa a Madina, kowa ya rufe da "Allah ya sa muna da rabo." Ita kuma ta ce, "Allah ya kira ku baɗi."

Tsakanin Kano da Jidda awa huɗu zuwa biyar ne a sama, abin da kakanninta suka yi shekaru suna takawa. Duk da haka tsofaffin Kano ba su manta da ranar 22 ga Janairu, 1973 ba, lokacin da jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a filin jirgin Kano, mutum 176 suka rasu. Mutanen Sakkwato kuma suna tuna 11 ga Yuli, 1991, ranar da jirgin alhazai da ya nufo garinsu ya kama wuta jim kaɗan bayan tashi daga Jidda, duka mutum 261 da ke ciki suka rasu. Dukansu a hanyar dawowa ne. Wanda ya san wannan ba zai yi addu'ar zuwa ya manta da ta komowa ba. Gaskiyar lissafi dai ita ce jirgin sama ya fi mota aminci nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ɓangaren da ya fi haɗari a tafiyar maniyyaci shi ne motar da za ta kawo shi daga ƙauyensu zuwa sansanin alhazai. Amma zuciya ba ta bin lissafi: an fi zubar da hawaye a filin jirgi fiye da tashar mota.

Wani abin dariya da kusan kowane gidan alhaji ya sani shi ne sallamar da ake maimaitawa. A kira maniyyata sansani, a yi koke-koke, a rabu, sai a ce jirgi bai iso ba, Hajiya ta dawo gida ta kwana biyu. A karo na uku sai ka ji ana cewa, "To Hajiya, Allah ya sa wannan ce ta gaskiyar." Shi ya sa masu dabara suke gama sallama mai nauyi tun a gida, su bar ta sansani ta zama gajeriya, tunda ma ba a barin 'yan rakiya su wuce ƙofa.

A tafiyar jirgi, nasihar da ta fi kowace muhimmanci ta shafi kaya ne, kuma ta ci karo da halinmu na kirki. Mun saba matafiyi ɗan aike ne. Ba a jin kunyar ba shi ƙulli a ce ya kai wa wane. A mota wannan ba komai ba ne. A jirgin da zai sauka Saudiyya kuwa, inda hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yake kai wa ga kisa, karɓar ƙullin da ba ka ga cikinsa ba wasa da rai ne. An sha kama bayin Allah da kayan da ba su san da su ba. Hukumar alhazai ta ƙasa takan gargaɗi maniyyata kowace shekara a kan wannan, har da ɗaukar goro, wanda Saudiyya ta hana shiga da shi. Saboda haka ɗan da yake sallamar mahaifiyarsa, bayan "Allah ya tsare", ya ƙara da cewa, "Inna, ko wa ya ba ki saƙo a sansani ko a filin jirgi, ki ce ɗanki ya hana. Jakarki kuma kada ki bar wa kowa." Ya ba ta hujjar da za ta fake da ita ke nan, domin tsohuwa mai kunya ba za ta iya cewa a'a da bakinta ba. Maganin hawan jini ko na sukari da take sha a bar shi cikin kwalinsa, tare da takardar likita, a jakar hannu. A rubuta mata lambobin waya biyu a takarda ta sa a jakar wuya, don waya tana iya mutuwa ko ta ɓata.

Ko ta mota ko ta jirgi, bayan an rabu nauyin yana komawa kan matafiyi. Gidan da aka yi sallama ba ya barci sosai a daren. Uwar saurayin nan za ta tashi ta yi nafila, ta duba waya, ta koma ta kwanta ba ta runtsa ba. Masu gida su daure kada su yi ta kira kowace awa, suna cinye masa caji suna tayar wa kansu da hankali duk lokacin da layi ya ƙi shiga a daji. Ya fi a yi alkawari tun a tasha: zan kira in mun tsaya cin abinci, zan kira in gari ya waye, zan kira in na ga Kawu. Shi kuma ya cika. Yaron da ya sauka Agege da azahar, ya ci abinci, ya yi wanka, ya kwanta, bai kira gida ba sai da dare, ya yi laifin da ya fi na tafiya babu sallama. Ga Hajiya, a tuna cewa agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma tsakanin saukar jirgi da samun layin waya ana iya shafe sa'o'i a layin duba fasfo da motar zuwa masauki. Kafin a tashi a karɓi lambar jami'in ƙaramar hukumarsu ko ta wata abokiyar tafiya mai waya a hannu.

In kiran ya shigo, gaisuwar tana da nata tsari. "Kun sauka lafiya? Ya hanya? Ya gajiya?" Ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi, hanya ta yi kyau." Ko da taya ta fashe musu a Lakwaja sun yi awa uku a gefen titi, ba a fara wa da wannan; sai an tabbatar wa uwa ana lafiya, daga baya labari ya biyo. Sannan ya miƙa wa kawun waya, domin wanda aka damƙa wa yaro ya faɗa da bakinsa cewa ya karɓa. Daga nan sai uwa ta aiki ƙaramin yaro gidan Baffa da gidan gwaggo da wajen kaka, duk inda aka je sallama, a ce musu wane ya sauka. Su kuma su ce, "Madalla, Allah ya huta gajiya, Allah ya ba da abin da aka je nema."